Sanarwar buɗe sabon reshe: yadda ake rubuta sakin layin farko da maganar da jarida za ta ɗauka

Tambaya: "Kamfaninmu zai buɗe reshe na uku a wata mai zuwa, an ce in rubuta sanarwa ga manema labarai. Na rubuta, amma shugabana ya ce farkonta ba ƙarfi, maganarsa da na saka kuma ba wata jarida da za ta ɗauka. Ta ina zan gyara?"

Amsa:

'Yar'uwa, gyaran yana farawa ne kafin ki taɓa sakin layin farko. Ga ku ma'aikatan kamfanin, buɗe reshe babban abu ne, domin kun sha wahalar neman wuri da haya da ɗaukar ma'aikata. Ga edita kuwa, kamfanoni suna buɗe rassa kullum, kuma a idonsa wannan aikin sashen talla ne. Abin da zai sa ya ɗauki sanarwarki a matsayin labari shi ne ya ga abin da ya canja ga mutumin da ke karanta jaridarsa ko sauraron gidan rediyonsa. Don haka ki ajiye rubutun da kika yi tukuna, ki je wurin waɗanda suka san lamarin reshen, ki nemo amsar tambaya ɗaya: wane abu ne mutanen wannan yanki za su iya yi daga ranar buɗewa, wanda jiya ba su iya yi?

Amsar takan fito daga ɗaya cikin wurare kaɗan. Ko dai tafiya ta ragu, ko jira ya ragu, ko an kawo wata hidima da babu ita a yankin, ko an ɗauki ma'aikata masu yawan da ya isa a ambata, ko an zuba jarin da kamfanin ya yarda a bayyana. Ki zaɓi guda ɗaya, mafi ƙarfi, wanda kuma kike da lamba a kansa. Sauran za su samu wuri a ƙasa.

Bari mu ɗauki misali na ƙirƙira mu bi shi har ƙarshe. A ce kamfaninku yana sayar da kayan wutar sola yana kuma gyara su: faranti, batir, inbata. Kin zagaya kin tattaro waɗannan bayanai. Reshen zai fara aiki ranar Litinin 3 ga Maris. Shi ne na uku. An ɗauki ma'aikata 14, tara daga cikinsu masu gyara ne. A da, wanda inbatarsa ta lalace a wannan gari sai an aika da ita babban ofishi mai nisan kilomita 180, ya jira kamar mako biyu. Yanzu za a gyara a reshen cikin kwana uku. Za a riƙa buɗewa Litinin zuwa Asabar, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma.

Da waɗannan bayanai a hannu, ga irin farkon da aka fi turo wa ɗakunan labarai:

"Kamfanin [suna], jagora a fannin samar da ingantattun kayan wutar sola, wanda ya shafe shekaru yana hidimta wa al'umma cikin gaskiya da riƙon amana, yana farin cikin sanar da ɗaukacin abokan hulɗarsa masu daraja cewa, a ci gaba da ƙoƙarinsa na kusantar jama'a, ya kammala shirye-shiryen buɗe sabon reshe."

Ki duba da kyau. Kalmomi kusan hamsin, amma mai karatu bai san garin ba, bai san ranar ba, bai san abin da zai samu ba. Labarin da kansa, wato buɗe reshe, ya zo a kalmomi ukun ƙarshe. Duk abin da ya gabace shi yabon kai ne, kuma ɗan jarida ba zai iya rubuta "jagora" ko "ingantattu" da bakin jaridarsa ba, domin ba shi da hujjar da zai kare su idan abokin gasarku ya kira ya yi ƙorafi. "Yana farin cikin sanar da" ma ba bayani ba ne, tunda babu kamfanin da ke buɗe reshe cikin baƙin ciki. Editan da ke da saƙonni da yawa a gabansa yakan karanta layi biyu ko uku ne ya yanke hukunci, kuma a nan layukan sun ƙare bai ga komai ba.

Ga yadda za a rubuta shi da bayanan da kika tattaro:

"Daga Litinin 3 ga Maris, masu amfani da wutar sola a [gari] za su samu a gyara musu inbata cikin kwana uku a sabon reshen [kamfani] da ke [unguwa], maimakon aika ta babban ofishi mai nisan kilomita 180 su jira mako biyu."

Jimla ɗaya ce, kalmomi arba'in da 'yan kai. Ta faɗi wa, da me, da ina, da yaushe, ta kuma nuna dalili ba tare da ta ce "dalili" ba, domin kilomita 180 da mako biyu sun isa. Ana koya wa 'yan jarida tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, me ya sa, ta yaya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar cewa dole duka shidan su shiga sakin layin farko. Huɗu sun wadatar, sauran biyun su sauka sakin layi na biyu. Idan kika cusa adadin ma'aikata da lokutan buɗewa da tarihin kamfani a jimlar farko, za ta kai kalma saba'in, mai karanta labarai a rediyo ba zai iya furta ta da numfashi ɗaya ba. Wannan ma shi ne gwajin da ya fi sauƙi: ki karanta ta da murya. Idan kika tsaya shan iska sau biyu, ta yi tsawo. A Hausa, saboda ƙananan kalmomi irin su "da", "a", "za", "su" suna da yawa, kalma 35 zuwa 45 ba laifi.

Wani zai ce ai ya kamata sunan kamfani ya zo farko. Idan kamfaninku sananne ne a garin, har jin sunansa kaɗai zai sa mutum ya tsaya, to a fara da shi: "[Kamfani] zai buɗe reshensa na uku a [gari] ranar Litinin 3 ga Maris, inda za a riƙa gyara inbata cikin kwana uku maimakon mako biyu." Wannan ma daidai ne, ya kuma fi gajarta. Amma idan ba a san ku ba a can, wanda shi ne halin yawancin masu buɗe reshe a sabon wuri, fara da mutanen garin ya fi jan ido, tunda su editan ya sani. Shugabanni ba sa son wannan, sun fi son ganin sunansu a kalmar farko. Ki nuna masa duka biyun, ki bayyana masa cewa sunan yana nan a kanu, yana nan a jimlar farko, kalmomi ashirin da biyar kawai ya matsa.

Akwai tarko biyu a sakin layin farko da suka fi jawo matsala bayan an buga. Na farko shi ne rana. Kada ki rubuta "gobe" ko "mako mai zuwa" ko "nan ba da jimawa ba", domin ba ki san ranar da za a buga ba. Ki sa sunan rana da kwanan wata tare, sannan ki duba kalanda ki tabbatar sun dace, domin sau da yawa ana ɗaga ranar buɗewa a gyara lamba a manta da sunan rana. Ki kuma bambanta ranar bikin yanke ƙyalle da ranar da za a fara karɓar abokan ciniki. Idan biki ranar Asabar ne, aiki kuma sai Litinin, kika haɗa su, mutane za su zo da kayansu ranar Asabar su tarar da kujeru da lasifika.

Na biyu shi ne kalmomin fifiko: "na farko", "mafi girma", "kaɗai". Suna ƙara wa labari ƙarfi sosai idan gaskiya ne, shi ya sa ɗan jarida zai tambaye ki hujja. Idan kika ce reshenku ne wurin gyaran inbata na farko a garin, alhali akwai wani ƙaramin mai gyara da ya shekara biyar yana yi, an kama ki da ƙarya a layin farko, kuma sauran lambobinki duk sun shiga zargi. A taƙaita da'awar zuwa abin da za a iya karewa, kamar "reshen kamfanin na farko a yankin", ko a cire ta. Haka lambar ma'aikata. Idan cikin 14 ɗin nan huɗu daga babban ofishi aka ɗauko su, to sababbin guraben aiki goma ne, kuma goma za ki rubuta. Idan wasu na wucin gadi ne, ki faɗa. Jaridun yanki sukan ɗauki wannan lamba su mai da ita kanu, masu neman aiki kuma su yi layi a ƙofa, saboda haka ki bayyana ko an riga an ɗauka ko har yanzu ana karɓar takardu.

Kanu kuma, ki rubuta shi bayan kin gama sakin layin farko, ki tatso shi daga ciki. Kalma takwas zuwa goma sha biyu, da aikatau a ciki: "[Kamfani] zai buɗe reshe a [gari], gyaran inbata ya koma kwana uku". Editan zai canja shi ko ta yaya, aikinsa kawai ya sa a buɗe saƙon.

Sakin layi na biyu yana ɗaukar abin da ya rage: reshe na uku ne, ma'aikata 14 ciki har da masu gyara tara, da irin kayan da za a sayar. Jimla biyu ko uku. Daga nan sai magana ta shigo, a sakin layi na uku. Dalilin wannan jeri shi ne edita yana yanke labari daga ƙasa zuwa sama idan fili ya yi masa kaɗan. Abin da ya fi muhimmanci yana sama, mai bi masa yana biye, ta yadda ko an datse rabin takardar, abin da ya saura labari ne cikakke. Maganar da kika ajiye a sakin layi na bakwai ba za ta kai ga bugu ba.

Yanzu ga maganar shugaba, inda mafi yawan sanarwa ke mutuwa. Ga irin wadda aka saba gani:

"Muna matuƙar farin ciki da alfahari da buɗe wannan sabon reshe, wanda ke nuna jajircewarmu wajen samar da ingantacciyar hidima ga abokan hulɗarmu masu daraja, tare da ɗaga kamfaninmu zuwa mataki na gaba."

Ki cire ta daga sanarwarku ki liƙa a sanarwar banki ko kamfanin siminti ko makaranta, za ta zauna daram ba a canja ko harafi ba. Wannan ne alamar maganar da ba ta da amfani. Ɗan jarida yana buƙatar magana a cikin labari saboda abu ɗaya: akwai abubuwan da shi ba zai iya faɗa da bakinsa ba. Rana da adireshi da adadin ma'aikata zai rubuta su da kansa, ba ya buƙatar shugabanki ya maimaita su. Abin da ba zai iya rubutawa ba shi ne dalilin da ya sa aka yanke shawara, da ra'ayi, da amincewa cewa akwai matsala a da, da alkawari. Waɗannan sai da bakin mutum mai suna da muƙami. Saboda haka maganar da za a ɗauka ita ce wadda ke ɗauke da ɗaya daga cikinsu.

Irin wannan magana ba a ƙirƙirarta a kan tebur. Ki nemi minti goma na shugaban, ki kunna na'urar ɗaukar murya ta waya da izininsa, ki yi masa tambayoyin da ba za a amsa su da "muna farin ciki" ba. Me ya sa wannan gari, ba wani ba? Wane ƙorafi ne abokan ciniki na can suka fi kawowa? Wane abu ne ya sa kuka ce yanzu lokaci ya yi? Idan aka shekara, da me za ku gane reshen ya yi nasara? Amsar farko takan fito da harshen ofis, domin ya ga na'ura. Ki bar shi ya gama, sannan ki ce, "Ranka ya daɗe, da abokinka ne ya tambaye ka, yaya za ka faɗa masa?" Galibi a amsa ta biyu ko ta uku ake samun jimlar da ake nema.

A misalinmu, a ce ya yi magana mai tsawo, ya ambaci tsadar sufuri, ya koka da yadda kaya ke fashewa a hanya, sannan a tsakiya ya ce mutum yakan sayi inbata don ya huta, sai ta lalace ya zauna yana jiransu mako biyu, kuma shi wannan jira ne ya fi damunsa. Nan ne maganar take. Ki ɗauko ta, ki share "to", da "ka gane", da maimaici, ki bar kalmominsa:

"Mutum ya sayi inbata don ya huta, sai ta lalace ya zauna mako biyu yana jiranmu," in ji [suna], manajan daraktan kamfanin. "Wannan jiran ne ya dame mu. Shi ya sa muka kawo masu gyaran kusa da shi."

Ki lura da abubuwan da suka sa ta yi aiki. Akwai mutum a cikinta, da abin da ya same shi. Ta amsa cewa a da akwai gazawa, kuma wannan amincewa ce ke sa mai karatu ya yarda da sauran. Jimlolin gajeru ne, kowace za ta iya tsayawa ita kaɗai, don haka idan editan ya ɗauki ta farko ya bar sauran, ma'ana ba ta karye ba. Ba ta dogara da "kamar yadda aka ambata a sama" ba. Kuma an sa sunan mai magana bayan jimlar farko, ba a ƙarshen dogon zance ba, domin mai karatu ya san wanda ke magana tun da wuri. Tsawonta duka bai kai kalma arba'in ba, wato daƙiƙa goma sha biyar ko ƙasa da haka idan an karanta a rediyo.

Game da kalmar jingina magana, "in ji" ko "ya ce" sun isa. "Ya jaddada", "ya bayyana cikin farin ciki", "ya yi nuni da cewa" duk ado ne da editan zai goge. Ki rubuta cikakken suna da muƙami daidai a karon farko, ki tambayi mai sunan yadda yake rubuta shi, kada ki ɗauka daga ƙwaƙwalwa. Sunan da aka rubuta ba daidai ba a sanarwa haka zai fito a jaridu goma.

Shugaba zai iya cewa ba ya son a ambaci jiran mako biyu, domin yana nuna kamfanin da rauni. Wannan tattaunawa ce da ya kamata a yi, kuma shi ke da hukunci. Amma ki sanar da shi cewa abokan cinikin sun riga sun san sun jira, ba asiri ba ne, kuma idan aka cire tsohon hali babu abin da za a auna sabon da shi. "Kwana uku" ba ya nufin komai ga wanda bai san a da mako biyu ne ba. Idan ya dage, a nemi wani dalilin na gaskiya, misali yawan abokan cinikin da kamfanin ke da su a yankin, in dai akwai lambar a rubuce.

Shin ya halatta ki rubuta maganar da kanki ki sa sunansa? A aikin hulɗa da jama'a ana yin haka, da sharaɗi ɗaya da ba a ɗaga ƙafa a kansa: sai mai sunan ya karanta, ya gyara, ya amince, kuma amincewar ta kasance a rubuce, ko da saƙon imel ne mai layi ɗaya. Da zarar ya amince, maganarsa ce, zai iya tsayawa a kanta idan ɗan jarida ya kira shi. Abin da ba ya halatta shi ne a sa alamar zancen wani a kan kalmomin da mutum bai gani ba. Haka kuma idan kuna son maganar wani daga wajen kamfani, kamar abokin ciniki ko jami'in hukuma, ba a rubuta masa, ba a kuma saka sunansa sai da izininsa a fili. Matsalar da ke biyo bayan amincewa ita ce takarda ta zagaya ofisoshi biyar, kowa ya ƙara kalma, lauya ya cire mai kaifi, a ƙarshe ta dawo ta zama "muna farin ciki". Maganin shi ne ki kai maganar ga mai ita kai tsaye, sauran kuma ki tambaye su abu ɗaya: akwai kuskure a bayani ko abin da doka ta hana? Salo ba nasu ba ne.

Magana ta biyu ba dole ba ce. A saka ta idan tana kawo sabon abu, kuma wanda ya fi dacewa da ita shi ne manajan reshen, domin shi mutane za su gani. Nasa ya zama na aiki: "Duk inbatar da muka kasa gyarawa cikin kwana uku, za mu ba mai ita aron wata har mu gama," in ji [suna], manajan reshen. Wannan magana ce mai ƙarfi, jarida za ta so ta, amma alkawari ne da za a riƙe ku da shi. Kafin ta fita ki tabbatar akwai inbatocin aron a ajiye, kuma an amince da tsarin daga sama. Haka "kwana uku" ɗin da ke sakin layin farko: ki tambayi masu gyaran ko ya shafi kowace irin lalacewa, ko kuwa akwai wadda sai an jira kayan gyara. Idan akwai, ki rubuta "yawancin gyare-gyare". Kalma ɗaya ce, amma ita za ta raba ki da fushin wanda ya zo da jarida a hannu a rana ta biyar.

Idan za a fitar da sanarwar cikin harsuna biyu, maganar tana buƙatar kulawa ta daban. Fassarar kalma da kalma takan fito a sandare, ba mai magana haka. Gara ki sa shugaban ya faɗe ta da kowane harshe idan yana iyawa, ko a fassara ma'anar sannan ya sake amincewa da sabuwar.

Abin da ya rage na takardar ba shi da wuya. Bayan magana, sakin layi ɗaya na bayanin amfani: cikakken adireshi da wata alama da za a gane wurin, ranaku da lokutan buɗewa, lambar wayar reshen. Idan akwai biki kuma ana gayyatar 'yan jarida, a faɗi lokaci da wanda zai yi jawabi, kuma kada a sa sunan babban baƙo sai ofishinsa ya tabbatar zai zo. Sannan ɗan taƙaitaccen bayanin kamfani, jimla biyu ko uku: shekarar kafuwa, abin da yake yi, yawan rassa. A nan ne tarihin da kika cire daga sama zai zauna. A ƙasa ki sa kalmar "ƘARSHE" ko alamar ### don a san inda abin bugawa ya tsaya, sai sunan wanda 'yan jarida za su tuntuɓa da lambarsa da imel. Wannan mutum ya zama mai ɗaga waya a ranar, wanda kuma zai iya haɗa ɗan jarida da shugaban cikin awa ɗaya ko biyu, domin wanda ke da wa'adin miƙa labari da yamma ba zai jira gobe ba. Duka takardar ta tsaya tsakanin kalma 300 zuwa 400, shafi ɗaya.

A saman takardar a rubuta kwanan wata da ko "Don bugawa nan take" ko "Kada a buga kafin" rana da ƙarfe kaza. Na biyun roƙo ne kawai, ba ya ɗaure wanda bai yi alkawari ba, kuma labarin reshe da wuya ya buƙace shi. Inda ya kamata ki yi taka-tsantsan da lokaci shi ne idan sana'arku tana buƙatar lasisi ko izinin hukuma ga kowane reshe, kamar harkar kuɗi ko magunguna. Kada sanarwa ta ce za a fara aiki ranar kaza alhali takardar izini ba ta fito ba. Idan kuma kamfanin yana cikin kasuwar hannun jari, ki bi ta wurin sakataren kamfani ko lauya kafin ki ambaci adadin jari, domin akwai ƙa'idojin bayyana irin wannan bayani.

Wajen aikawa, ki liƙa rubutun a cikin jikin imel ɗin. Sanarwar da aka turo a matsayin PDF kaɗai, ko mafi muni hoton takarda mai hatimi, tana tilasta wa ɗan jarida ya sake bugawa da hannu, kuma a nan lambobi ke sauyawa. Kanun shi ne zai zama taken saƙon. Idan mutane da yawa za ki tura wa lokaci ɗaya, ki sa adireshinsu a BCC, amma ga 'yan jarida biyar ko shida da suka fi muhimmanci, wato wakilan yankin da masu rubutu kan kasuwanci, ki tura wa kowa nasa da layi ɗaya da ke nuna dalilin da ya shafi masu karatunsa. Da safe a ranar aiki ya fi, kwana uku zuwa bakwai kafin buɗewa ga jaridun kullum da rediyo, mujallu kuma suna buƙatar makonni. Ki haɗa da hoto ɗaya ko biyu na JPEG, a kwance, mai kaifin da zai yi bugu, kamar megabait ɗaya zuwa uku, da bayanin waɗanda ke ciki daga hagu zuwa dama. Hoton mai gyara yana aiki a kan inbata ya fi samun shiga a kan hoton mutum goma sun jeru a gaban ƙofa.

Kafin ki danna aikawa, ki ba wani wanda bai san komai game da reshen ba sakin layin farko kaɗai, ya karanta sau ɗaya, ki karɓe, ki tambaye shi me za a buɗe, a ina, yaushe, kuma me zai samu. Duk wadda ya kasa amsawa, a nan gyara yake. Sannan ki karanta wa shugaban maganarsa da murya a gabansa. Idan ya ce "ni ba haka nake magana ba", ki koma kan muryar da kika ɗauka ki nemo yadda ya faɗa.